Mu huɗu, ɗaki uku: yaya za mu raba kuɗin haya?

Tambaya: Mu huɗu ne, duk ma'aikata, mun samu gida mai ɗaki uku da falo a Kubwa, naira miliyan 1.8 a shekara. Ɗaki ɗaya babba ne mai banɗaki a ciki. Yaya za mu raba, kuma wace doka za mu kafa?

Amsa: Ƙanena, kada ku raba kuɗin gida huɗu daidai, domin wanda ke kwana da wani ba zai daɗe bai fara ƙunƙuni ba. Ku kasa hayar biyu. Rabi na falo ne da kicin da tsakar gida, waɗanda kowa ke mora, sai a raba shi bisa kai: naira 225,000 kowane mutum. Ɗaya rabin na ɗakuna ne. Ku sa wa babban ɗakin 400,000, ƙananan biyu 250,000 kowanne. Mutum biyu su shiga babban, kowa ya tashi da 425,000, masu ɗaki su kaɗai kuma 475,000. Idan duk kuna son kaɗaici, ku yi ƙuri'a, ko ku bar wa wanda ke aikin dare. Kuɗin dillali da na lauya da na ajiya saboda ɓarna, su kam a raba su daidai.

Abin da ya fi lissafin nan muhimmanci shi ne takardar yarjejeniya. Yawancinsu suna hana mai haya saka wani a gidan ba da izinin mai gida a rubuce ba. Idan sunan mutum ɗaya ne a ciki, sauran ukun baƙi ne a idon mai gida, ranar da aka yi wa mai sunan canjin wurin aiki kuwa, sai yadda hali ya yi. Ku nace a rubuta sunayenku duka, kuma kowa ya riƙe rasidi. Tsakaninku ku rubuta cewa mai tashi zai ba da sanarwar wata guda, ya kawo wanda za ku amince da shi, kuma a hannun sabon zai karɓi ragowar kuɗinsa, ba a hannunku ba.

Wutar lantarki ce ke fara haɗa faɗa. Na'urar sanyaya ɗaki tana cin abin da fanka goma ba za su ci ba, don haka mai ita ya biya ƙari. Ku duba mita da dare, ku sake dubawa da safe, rana ɗaya da na'urar a kunne, rana ɗaya a kashe. Bambancin shi ne nasa.

Sai baƙo. Ba wanda zai kori ɗan uwan da ya zo Abuja neman aiki, amma kwana uku yakan zama wata uku a kan katifar falo. Ku yanke tun yanzu: bayan mako guda, mai baƙon zai riƙa biyan kason mutum biyu na wuta da gas da ruwa.