Yayana maɓalli ɗaya kawai yake iya dannawa, me zan saya masa?

Tambaya: "Yayana ya kamu da cutar jijiyoyi, hannuwansa sun daina aiki kuma maganarsa ba ta fita sosai. Abin da ya rage masa da ƙarfi shi ne babban yatsan hannun hagu. An ce mini akwai na'urar da za ta sa ya yi rubutu da maɓalli ɗaya. In sayi na'ura ta musamman ne, ko kwamfutar hannun da muke da ita za ta yi?"

'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Abin da kike da shi a gida ya isa a fara gwaji, kuma gwajin ne zai nuna miki abin saye.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Allon haruffa yana bayyana a fuskar na'ura, wani haske yana zagayawa a kansa da kansa, mutum kuma ya danna maɓalli idan hasken ya iso inda yake so. Manyan na'urori duk suna da wannan a cikin saitunansu. A iPhone da iPad sunansa Switch Control, a Android kuma Switch Access. A Windows, ki buɗe On-Screen Keyboard, ki shiga Options, ki zaɓi Scan through keys, sai dogon maɓallin tazara ya zama shi ne abin dannawa. A iPad ma ana iya mayar da fuskar gaba ɗaya ta zama maɓalli guda, ko ina ya taɓa an lissafa.

A wannan gwaji ki lura da abu uku: yana iya dannawa a lokacin da ya so, yana iya saki da sauri, kuma yana iya maimaitawa na minti goma ba tare da yatsan ya gaji ba? Sakin ne mutane suke mantawa, alhali wanda ya danna ya kasa ɗagawa yakan zaɓi abin da bai nufa ba. Ki gwada da safe, ki gwada da yamma. Idan yatsan yana gajiya, a duba gwiwa, ƙafa ko gefen kai, kuma a nan ne shawarar mai gashin ƙashi ko mai koyar da magana take da amfani, musamman idan ciwon irin mai ƙaruwa ne.

Idan an tabbatar da gaɓar, abubuwa biyu za ki saya, ko uku. Na farko maɓallin kansa, mai laushi daidai ƙarfin yatsansa, mai ɗan ƙara idan an danna don ya san ya shiga. Na biyu ɗan akwatin haɗi. Yawancin waɗannan maɓallai suna ƙarewa da kai mai kaurin milimita 3.5, mai kama da na abin sauraro na kunne, amma soka shi a ramin abin sauraro ba zai yi aiki ba. Akwatin ne yake karɓar dannawar ya aika wa na'ura ta USB ko Bluetooth kamar an buga Space ko Enter. Kafin ki biya, ki tabbatar akwatin yana aiki da irin na'urarku. Na uku abin da zai riƙe maɓallin wuri ɗaya, domin idan ya goce ko da kaɗan yatsan ba zai same shi ba.

Sauran aikin yana cikin saiti, kuma nan ne ake samun nasara ko a jefar da kayan a lungu.

Mu ɗauki kalmar "ruwa", haske yana matsawa duk bayan daƙiƙa ɗaya da rabi. Idan yana bin haruffa ɗaya bayan ɗaya daga a zuwa z, r na 18 ne, u na 21, w na 23, a na farko. Matakai 63 ke nan, minti ɗaya da rabi har da ɗoriya, don neman ruwan sha. Yanzu a jera haruffan shida-shida a layi, hasken ya fara bin layuka, a danna, sannan ya bi haruffan layin da aka zaɓa, a sake dannawa. Harafin r yana layi na uku a gida na shida, matakai 9, u matakai 7, w 9, a 2. Jimla 27, kimanin daƙiƙa 40. An rage fiye da rabi, sai dai kowane harafi yanzu dannawa biyu yake ci. Ga mai saurin gajiya wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Za a iya ƙara ragewa idan aka kawo haruffan da aka fi amfani da su kusurwar da hasken yake farawa. A Hausa harafin a ne ke kan gaba nesa ba kusa ba, don haka shi zai zauna a gidan farko. Tazara da n su biyo a gidajen matakai uku, i da k da u a na huɗu, d da s da m da r a na biyar, w da 'yan'uwanta a na shida. Da wannan jeri "ruwa" ta koma matakai 17, daƙiƙa 25 da rabi. Allon QWERTY da na'ura take zuwa da shi bai yi wa mai rubuta Hausa adalci ba, domin n, k, m da i duk suna can dama, inda haske yake isa a makare. Ga kuma ɓ, ɗ da ƙ da ake samu ta riƙe harafi, abin da ke ƙara matakai. A allon da aka tsara, kowanne sai a ba shi gidansa.

Matsalar ita ce allon da ke cikin na'ura yawanci ba ya yarda a sake masa jeri. Manhajojin sadarwa irin su Grid 3 suna yarda, haka ma Panel Editor a kwamfutar Mac. Idan akwai abin da ya cancanci kuɗinki bayan maɓalli, to wannan ne. Sai dai idan manhajar tana da nata hasken mai zagayawa, ki kashe na na'urar, in ba haka ba biyu za su riƙa rububin dannawa ɗaya.

Batun gudu kuwa, ki fara a hankali, daƙiƙa biyu ko ma uku. Ƙa'idar da masu wannan aiki suke bi ita ce a ba mutum kamar ninki ɗaya da rabi na lokacin da yake ɗauka kafin ya danna. Kurakuransa za su gaya miki abin gyarawa. Idan kullum harafin da ke bayan wanda yake nufi yake samu, hasken ya yi sauri. Idan layin farko ne kaɗai yake wuce shi, gudun lafiya lau, hutun farko ne babu. A iPad ki kunna Pause on First Item. Idan harafin farko na layi yana shigowa ba a gayyace shi ba, yatsan yana rawa ne yana danna biyu, maganinsa Ignore Repeat. Idan kuma taɓawar kuskure ce take shiga, Hold Duration zai sa na'ura ta yi watsi da dannawar da ba ta daɗe ba. Ki riƙa canza saiti ɗaya a lokaci guda, ki bar shi ya yi kwanaki da shi.

Hasashen kalmomi ban cika ɗora rai a kansa ba ga mai rubuta Hausa, tunda layin hasashen ma mataki ne da ake biya a kowane harafi. Jimlolin da aka ajiye sun fi shi amfani: "ina jin ƙishirwa", "juya ni", "kira likita", a shafin farko, da maɓallin gogewa kusa da kusurwar farawa.

Na'ura ta musamman tana da lokacinta: idan yana buƙatar lasifika mai ƙarfi, ko maƙalawa a keken guragu, ko kuma yatsan ya fara rauni har ana tunanin komawa sarrafawa da ido. Idan aka kai nan, ki nemi a ba shi aron irinta ya gwada kafin a saya.