Faɗi nawa ne, kuma ina kewaye ya tsaya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Za mu sa tayil a masallacin unguwarmu. Bangon alƙibla mita 10 ne, daga gaba zuwa baya mita 7, sai mihirabi mai siffar rabin da'ira, bakinsa mita 2.8. Mai tayil ya ce faɗin wurin "saba'in da uku da 'yan kai", ni kuwa na ce faɗi bakwai ne. Wa ya yi Hausa daidai? Kuma kewayen nawa ne, don tayil ɗin gindin bango?

Amsa: Barka kadai, malam. Kai da mai tayil duk kun yi Hausa, sai dai kalma guda kuka ɗora wa kaya biyu. Faɗi, abokin tsawo, awo ne na layi ɗaya, wanda igiya ke iya aunawa, kuma shi ne bakwai ɗinka. Amma idan Bahaushe ya ce "gonar nan tana da faɗi", ko "a faɗin ƙasar nan", shimfiɗar wurin gaba ɗaya yake nufi. Wannan na biyun mai tayil ya ɗauka. Dama kalmar mai rikici ce a rubutun boko, don da haruffan nan huɗu ake rubuta faɗi na magana da faɗi na faɗuwa, karin sauti da jan wasali kawai ke raba su a baki.

Abin da ke raba gardamarku shi ne kalmar murabba'i. Aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da arba'in da rubu'i da Laraba, duk suna komawa ga huɗu. Murabba'in mita fili ne mai gefe huɗu daidai wa daida, kowane gefe mita ɗaya. Da mai tayil ya ce "murabba'in mita saba'in da uku", da ba ku ja ba. Ni shawarata a bar wa faɗi aikinsa na abokin tsawo, shimfiɗa kuwa a ce girman fili, a biyo da murabba'in mita.

To, ga yadda ya samo adadinsa. A zuci, ja layi a bakin mihirabi, sai masallacin ya rabu biyu: ɗaki mai kusurwa huɗu, da rabin da'ira. Ɗakin ba wuya, 10 sau 7, murabba'in mita 70. Mihirabin ne ke son natsuwa. Mita 2.8 ɗin nan faɗin da'irar ne daga gefe zuwa gefe, lissafin kuwa da rabinsa ake yi, wato daga cibiya zuwa bango, mita 1.4. Girman cikakkiyar da'ira shi ne wannan rabin sau kansa, sau 22/7, adadin da ake amfani da shi a lissafin kowace da'ira. Sai a raba biyu, tunda rabin da'ira gare mu:

1.4 × 1.4 × 22/7 ÷ 2 = 3.08

A haɗa da 70, ya zama 73.08. 'Yan kan da ya ce ke nan.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Wani yakan sa 2.8 a gurbin 1.4, sai ya sami 12.32, ninki huɗu na gaskiya, domin adadin ana buga shi da kansa ne. Wani kuma yakan manta rabawa biyu, ya sami 6.16. Duka biyun ana kama su ba tare da sake lissafi ba. Ka ɗauka an saka mihirabin cikin akwati mai tsawon 2.8 da zurfin 1.4. Akwatin kansa 3.92 ne, kuma abin da ke ciki ba ya fin akwatinsa. Duk amsar da ta haura 3.92 ta ɓata.

Sai kewaye. Daga kewaya yake, wato bin gefen abu har a dawo inda aka tashi, kamar zagaye. Shi ya ba mu "Kano da kewaye", da "daina kewaye-kewaye" ga mai gudun faɗin magana kai tsaye, har da kewaye na sakaya, wato bayan gida. Ma'anar kalmar ita ce dabarar lissafin: ka dafa bango da hannu, ka yi ta tafiya, abin da hannunka ya taɓa shi kaɗai za ka ƙirga.

Mu tashi daga bangon baya, mita 10. Mu bi gefe ɗaya, mita 7. Da muka shiga bangon alƙibla, bayan mita 3.6, idan mihirabin a tsakiya yake, sai bangon ya lanƙwashe. Tsawon lanƙwasar rabin kewayen da'ira ne, 22/7 sau 2.8 a raba biyu, wato mita 4.4. Mu fito, mu ƙara 3.6, mu sauko ta ɗaya gefen, mita 7. Jimla:

10 + 7 + 3.6 + 4.4 + 3.6 + 7 = 35.6

Lura da abin da bai shiga ba: bakin mihirabi. Layin da muka ja ɗazu na zuci ne, babu bango a wurin, liman ta nan yake wucewa. Wanda ya ɗauki kewayen ɗaki, 34, ya ƙara 4.4, zai sami 38.4, ya ƙirga bangon da ba a gina ba. Wanda kuma ya lissafa kewayen rabin da'irar har da bakinta, 7.2, ya ɗora a kan 34, ya ƙirga shi sau biyu, ya tashi da 41.2. Dalilin ruɗin shi ne an ga girman fili ana haɗa shi gunduwa-gunduwa, sai a zaci kewaye ma haka yake. Kama da wane ba ta wane. Idan aka manna siffa biyu, girmansu duka yana nan, amma gefen da suka haɗu a kansa ya koma ciki, ya fita daga kewaye.

Akwai abin da ke ƙara fito da bambancin. Da a ce lanƙwasar cikin ɗakin ta shigo maimakon ta fita waje, girman fili zai koma 70 a debe 3.08, wato 66.92. Kewaye kuwa yana nan a 35.6, don hannun mai bin bango tafiya iri ɗaya zai yi. Saboda haka ba a gane girman wuri daga kewayensa.

Kafin ku biya kuɗi, ku sake auna zurfin mihirabin daga tsakiyar bakinsa zuwa ƙuryarsa. Rabin da'ira na gaskiya zurfinsa rabin bakinsa ne, 1.4. Magina sukan miƙe bango kaɗan kafin su lanƙwasa, don liman ya sami wurin sujada. In kuka tarar da zurfin mita 2, kuma gefunan sun fara a miƙe, akwai ƙarin ɗan fili na 0.6 sau 2.8, wato 1.68, kewaye kuma ya ƙaru da 0.6 sau biyu, 1.2. Awon duka daga cikin bango za a yi shi, ba daga waje ba.

Tayil ɗin gindin bango ba ya ratsa ƙofa, don haka a debe faɗin ƙofofi daga 35.6. In biyu ne masu mita 1.2 kowace, saura 33.2. Na ƙasa kuwa, in mai santimita 40 a kowane gefe ne, kowane ɗaya yana rufe murabba'in mita 0.16, kuna bukatar 457 a lissafin takarda. Tayil ba ya lanƙwasa, yanka shi ake yi a lanƙwasar mihirabi, guntayen kuma yawanci ba sa moruwa. Ku ƙara wajen kashi goma cikin ɗari, ku sayi na murabba'in mita 80 ko 81.