Yadda Ake Tsara Rubutun Girki da Ya Cakuɗe

Tambaya: "An aiko mini da bayanin yin kek a dunƙule cikin sakin layi ɗaya. Yaya zan fitar da jerin kayan haɗi da matakai masu lamba?"

Malama, ki karanta sakin layin sau biyu. A karatu na farko ki ja layi ƙarƙashin kowane kayan haɗi tare da adadinsa, a na biyu kuma ki yi alama a kan kowane aiki, domin daga ayyukan ne matakai suke fitowa.

Ɗauki wannan jimla: "Ki buga ƙwai 3 da sukari kofi ɗaya, amma ki rage cokali 2 na yayyafawa, sannan ki gasa a murhun da aka riga aka zafafa." A jerin kayan haɗi sukari zai fito sau ɗaya, kofi ɗaya, tare da bayanin cewa cokali 2 na yayyafawa ne, saboda idan aka rubuta shi sau biyu mai girki za ta ɗauka ƙari ne.

Zafafa murhu kuwa, ko da yake ya zo a ƙarshen jimlar, shi ne mataki na 1, sai rage sukarin ya zama na 2, bugawa na 3. A nan ne aka fi kuskure, don ana bin tsarin rubutun maimakon tsarin aikin.

Daga ƙarshe ki gwada ɓangarorin biyu: duk abin da ke cikin jerin dole ya bayyana a wani mataki. Idan kika ga man shafa kwanon gashi a matakai amma babu shi a jerin, ki ƙara shi.