Tambaya da Amsa: Yadda Ake Sauƙaƙa Takardar Sharuɗɗan Sayar da Moto Bashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina aiki a wani shagon sayar da moto a Tawa, kuma mafi yawan masu ɗaukar moto bashi a wajenmu ƴan kabu-kabu ne. Lauya ya rubuta mana sharuɗɗa shafi huɗu da Faransanci, suna sa hannu ba tare da sun karanta ba, sai ranar da aka zo karɓe moto rigima ta tashi. Maigidana ya ce in mayar da su Hausa mai sauƙi a shafi ɗaya. Ta yaya zan yi ba tare da na ɓata ma'anar ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki fara da fassara jimla bayan jimla, domin Faransanci mai nauyi idan aka bi shi sawu da ƙafa Hausa mai nauyi yake haifarwa. Ki ɗauki farar takarda, ki bi kowane sakin layi kina tambayarsa: wa zai yi, me zai yi, yaushe, nawa ne, kuma me zai faru idan bai yi ba. Abin da ya fito daga waɗannan tambayoyi shi za ki rubuta. Duk inda kika kasa samun amsa, to gurbin yana cikin takardar asali, kuma lauya ne zai cike shi, domin duk abin da kika cike da zatonki ya zama sabon alkawari da shagon bai san ya ɗauka ba.

Bari mu gwada da sakin layin da ya fi haddasa rigima a irin wannan ciniki. Mu ƙaddara ana ba da moto bashi a kan sefa 600,000, mai saye ya fara zuba 150,000, sauran 450,000 kuma ya riƙa biyan 50,000 kowane wata har wata tara. Idan aka juya abin da lauyoyi suka saba rubutawa kalma da kalma, ga yadda yake fitowa: "A yayin rashin biyan ko da kashi guda a kan wa'adinsa, da kuma bayan kwana 15 da gargaɗin da bai yi tasiri ba, ɗaukacin kuɗaɗen da suka rage za su wajaba nan take, tare da tarar kashi 2 cikin ɗari a wata a kan kuɗaɗen da ake bi, mai sayarwa kuma yana riƙe da ikon dawo da hajar, wadda mallakarta ke hannunsa har zuwa cikar biya." Kowace kalma a nan Hausa ce, amma ɗan kabu-kabun da zai ji ta ya gaya miki ranar da za a karɓe masa moto sai an tona.

A cikin wannan jimla guda an cusa abubuwa biyar: mallakar moto, gargaɗi, tara, biyan dukan sauran kuɗi gaba ɗaya, da karɓewa. Ki raba su, ki jera su bisa yadda suke faruwa ga mutum, ki kira shagon "mu", mai saye kuma "kai". Da zarar kin fara za ki ci karo da gurbi na farko, wato kwana 15 ɗin nan: daga ranar da aka aika gargaɗin ake ƙirga su, ko daga ranar da ya shiga hannun mai saye? Da Asabar da Lahadi da ranakun Salla a ciki, ko ranakun aiki kawai? Kwana 15 na aiki, idan mako yana da ranakun aiki biyar, mako uku ke nan, kwana 15 a jere kuwa mako biyu ne da kwana ɗaya, kuma mutumin da ke tara kuɗin wata daga cinikin kullum ya san darajar wannan tazara. Haka shi kansa gargaɗin, a san ko takarda ce da za a sa hannu an karɓa, ko saƙon waya ya wadatar.

Gurbi na biyu yana wajen tara. "Kuɗaɗen da ake bi" na iya nufin kuɗin watan da aka makara, na iya nufin dukan abin da ya rage. Mu ce mutum ya biya kuɗin farko da wata biyar, wato 400,000, ya tsaya a na shida, saura 200,000. Kashi 2 cikin ɗari na 50,000 sefa 1,000 ne, na 200,000 kuwa sefa 4,000 ne, ninki huɗu. Ki tambaya a gaya miki wanne ake nufi, sa'an nan ki rubuta adadin kuɗin da kansa, domin mutum ya fi riƙe "jika ɗaya" a kan "kashi 2 cikin ɗari".

A nan akwai wani tarko da ya shafe mu a Nijar musamman. Takarda tana ƙirga kuɗi da sefa, kasuwa tana ƙirgawa da dala, dala ɗaya kuma sefa biyar ce. Idan kika karanta wa mutum "dubu ɗaya" kina nufin sefa 1,000, zai iya jin dala dubu, wato sefa 5,000. Na taɓa ganin wata takarda a Yamai da aka rubuta kuɗin wata da kalmomi kawai, mai saye da mai karɓar kuɗi suka yi ta musu, kowa yana rantsuwa a kan abin da ya fahimta, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Saboda haka ki rubuta lamba da kalmar sefa, ki biyo da lissafin jika, kamar "sefa 50,000, wato jika hamsin", ki kuma tsaya a kan wannan tsari daga farkon shafi har ƙarshensa.

Mu ƙaddara lauya ya amsa cewa kwanakin a jere suke daga ranar karɓar takarda, tarar kuma a kan kuɗin watan da aka makara take. Sakin layin zai koma haka: "Moton yana nan a matsayin namu har ranar da ka gama biyan sefa 600,000, wato jika ɗari shida. Idan ranar biya ta wuce ba ka kawo kuɗin wata ba, za mu kawo maka takardar gargaɗi. Daga ranar da ka karɓe ta kana da kwana 15, har da Asabar da Lahadi. Kowane wata na makara yana da tarar sefa 1,000, wato jika ɗaya, a kan kowane kuɗin wata da ba ka biya ba. Idan kwana 15 suka cika ba ka biya ba, dukan kuɗin da ya rage zai zama wajibi ka biya shi gaba ɗaya, kuma muna iya neman ka dawo da moton." Za ki ga ya fi na asali tsawo, kuma hakan ba aibi ba ne. Shafi ɗayan da maigidanki yake so za ki same shi ne ta hanyar zaɓar abin da ya taɓa aljihun mai saye, wato kuɗi, wa'adi, tara, garanti da karɓewa, ki bar sauran a takardar asali tare da layin da ke faɗin abin da aka bari a can.

Ki lura da "muna iya neman". Asalin ya ba shagon dama ne, bai ce lalle zai karɓe ba, don haka "za mu karɓe" ya wuce gona da iri. Kuskuren da na fi gani kuwa shi ne akasin wannan, inda kunya da ladabi suke sa mai rubutu ya tausasa magana, ya ce "za mu zauna mu daidaita", alhali babu wannan a yarjejeniya. Mai saye zai riƙe wannan kalma, ranar da aka zo masa da batun karɓewa kuma ya ce an yaudare shi, kuma yana da gaskiya. A ƙa'idar shari'ar yarjejeniya, idan magana ta ɗauki ma'ana biyu ana fassara ta ne don amfanin wanda nauyin ya hau kansa, a nan kuwa shi ne mai saye, saboda haka tausasawar ba ta amfanar ko da shagon.

Akwai tambayar da kowane ɗan kabu-kabu zai yi miki, ita ce: kuɗin da na riga na zuba fa? Takardu da yawa sukan ce duk abin da aka biya ya zama na mai sayarwa. Kafin ki mayar da wannan Hausa, ki kai wa lauya. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, wato ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma dokar wannan ƙungiya ta jingina da lamuni, wadda aka sabunta a 2010, ta tsara wannan batu na riƙe mallaka har a gama biya. Ta ce dole a amince da shi a rubuce, ba a wuce ranar miƙa kayan ba. Ta kuma ce idan aka karɓe kayan, ana cire darajarsu daga sauran bashin, idan darajar ta fi bashin mai sayarwa ya mayar da rarar, kuma duk sharaɗin da ya saɓa wa wannan ana ɗaukarsa kamar ba a rubuta shi ba. A misalinmu, idan aka kimanta moton a kan 280,000 alhali saura 200,000, shagon ne zai ba mai saye 80,000. Idan kuwa an kimanta shi 150,000, mai saye yana da sauran 50,000 a kansa. Ki rubuta duka biyun da lambobinsu, ki kuma nemi a faɗi wanda zai yi kimantawar, domin a nan ne musu na gaba zai tashi.

Takardar Hausa ba za ta kore ta Faransanci ba, sai a haɗa su wuri guda, lauya ya duba ta Hausar ya tabbatar sun dace, a rubuta a fili wacce za a bi idan sun saɓa, mai saye kuma ya tafi gida da kwafin kowace. A karanta masa kafin ya zuba kuɗin farko.

Kafin a buga da yawa, ki nemi mutum huɗu ko biyar a tashar ƴan kabu-kabu waɗanda ba su taɓa ganin takardar ba, ki karanta musu da baki sau ɗaya, tunda da yawansu ta kunne za su karɓe ta. Kada ki ce "kun gane?", domin kowa zai ce ya gane don kada ya ba ki kunya. Ki ce: an kawo maka takardar gargaɗi ranar 3 ga wata, wace rana ce ta ƙarshe da za ka biya? Ka makara wata biyu a kan kuɗin wata ɗaya, tarar nawa ce? Idan ƙirgen yana farawa ne washegarin karɓa, amsar farko 18 ga wata ce, ta biyu kuma jika biyu. Idan mutum biyu suka ba da amsa daban a tambaya guda, ki koma ga wannan jimlar ki sake ta, sa'an nan ki gwada ta a kan wasu mutanen daban, domin na farkon sun riga sun san amsar.