Likita na amsa tambayoyinku: Kumburin ƙafa, tari da zazzaɓin jariri

Tambaya: Salamu alaikum Likita. Ina fama da tari, wane magani zan sha?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tun yaushe? Idan bai kai mako guda ba kuma tare da mura ya zo, yawanci da kansa yake tafiya. Idan ya wuce mako 2, ko ana zufa da dare, ko ana ramewa, ko an ga jini a majina, a je a yi gwajin tarin fuka, a daina sayen maganin tari.

Tambaya: Likita, ɗana yana zazzaɓi, zan iya ba shi farasitamol?

Amsa: Baiwar Allah, ba ki faɗi shekarunsa ba. Idan bai kai wata 3 da haihuwa ba kuma zafin jikinsa ya kai 38, ki ɗauke shi zuwa asibiti yanzu, kada ki tsaya ba shi komai. Idan ya girmi haka za a iya ba shi, amma da nauyinsa ake auna yawan maganin, don haka ki turo min nauyin. Suma, jijjiga ko ƙin shan nono kuwa, kowane shekaru yake, asibiti ne.

Tambaya: Likita ƙafata ta kumbura. Wani ya ce in sha maganin sa fitsari kuma a riƙa yi min tausa. Haka ne?

Amsa: A'a, kada a yi ko ɗaya tukuna. Wannan saƙon ya dame ni, domin ban san ko ka zan ce ko ki ba, balle shekaru ko tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Kumburin ƙafa alama ce kawai, kuma cututtukan da ke kawo ta sun sha bamban ƙwarai. Bari in faɗi abin da zan tambaya da a gabana ake zaune.

Abu na farko, ƙafa ɗaya ce ko duka biyun? Wannan tambayar ita ke raba hanya. Idan biyu ne suka kumbura tare, hankalina zai tafi kan abin da ya shafi jiki gaba ɗaya, wato zuciya, ƙoda, hanta ko wani magani da ake sha. Idan ɗaya ce, matsalar tana cikin ƙafar kanta, kuma abin da nake tsoro shi ne jini ya daskare a babbar jijiyar cikin sha-raɓa ko cinya.

Sai tun yaushe. Ƙafafun da suka yi shekara suna kumbura da yamma bayan doguwar tsayuwa, su saɓe da safe, ba su cika zama na gaggawa ba, ko da yake ya kamata a duba su. Ƙafar da ta tashi tsakanin jiya da yau wata magana ce daban.

A ce amsar da na samu ita ce: mace ce mai shekara 28, an yi mata tiyatar haihuwa kwana 10 da suka wuce, ƙafar hagu ce kaɗai, tun jiya, kuma sha-raɓar tana ciwo idan ta taka. Zan ɗauki awo in zagaye sha-raɓar kowace ƙafa a wuri ɗaya, kamar santimita 10 ƙasa da ƙashin nan da ya ɗan turo a ƙarƙashin gwiwa. A ce dama ta ba da 35, hagu 39. Bambancin da ya wuce santimita 3, ga haihuwa, ga tiyata, ga kwanciya, ya isa in tura ta hoton jijiyoyin ƙafa a ranar, kuma sau da yawa ana fara maganin tsinka jini tun kafin sakamako ya fito. Mako 6 na farko bayan haihuwa lokaci ne da jini ke saurin daskarewa. Haka ma wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko ya daɗe kwance, ko ya yi doguwar tafiya a zaune, ko mai shan ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istirojin.

To ku dubi shawarar tausa a kan wannan matar. Gudan jinin da ke maƙale a jijiya zai iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu, kuma mutum na iya mutuwa cikin mintuna. Wallahi ina mamakin yadda wanda bai san komai game da ƙafar mutum ba zai ce a murje ta. Duk mai kumburin ƙafa ɗaya da ya ji numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, ko ciwon ƙirji idan ya ja numfashi, ko ya yi tarin jini, a kai shi sashen gaggawa nan take, ko tsakar dare ne.

Idan kuma ƙafa ɗayar ta yi ja, ta ɗauki zafi, ga zazzaɓi, musamman ga mai ciwon suga ko mai rauni a tsakanin yatsu, ƙwayar cuta ce ta shiga fata, ita ma ba a kwana da ita.

Da amsar ta zama ƙafa biyu, tambayata ta gaba ga mace ita ce ko tana da ciki. Ɗan kumburi a ƙarshen ciki abu ne da aka saba gani. Amma bayan mako 20, idan fuska da hannuwa sun shiga, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, a auna hawan jini da fitsari a ranar. Awon da ya kai 140/90 na iya zama mafarin jijjigar masu ciki. Ga dattijo kuwa zan tambaya ko yana iya kwanciya a miƙe, ko sai ya tara matasan kai saboda numfashi, domin wannan alamar gazawar zuciya ce. Wanda ke tashi da safe idanu a kumbure, fitsarinsa na kumfa, ƙodarsa zan fara dubawa. Kuma kowa sai na tambaye shi abin da yake sha, domin amlodifin na hawan jini ya shahara wajen kumbura idon sawu. Nan likita ne zai rage ko ya canza, ba mara lafiya ya daina da kansa ba.

Maganin sa fitsarin nan, wato lasis, yana da amfani ga mai ciwon zuciya idan likita ya auna ya rubuta. Ba ya narkar da gudan jini, ba ya maganin hawan jinin mai ciki, kuma shan sa barkatai yana ƙarar da ruwan jiki da sinadarin fotashiyam har bugun zuciya ya rikice. Masu haɗa shi da dikilofenak saboda ciwo kuwa ƙodarsu suke yi wa illa. Don Allah a daina.

Mai tambaya, a sake turo min saƙo da shekaru, namiji ko mace, ƙafa nawa, tun yaushe, akwai ciki ko haihuwa ko tiyata kwanan nan, yaya numfashi, da sunan duk maganin da ake sha. A kuma danna babban yatsa a kan ƙwauri na daƙiƙa 5 a gaya min ko ya bar rami. Amma idan ƙafa ɗaya ce kuma kwanan nan ta fara, kada a jira amsata, a tafi asibiti yau.

Tambaya: Likita, shekarata 24, namiji, ba ni da wata cuta. Na gurɗe a wajen ƙwallo jiya, idon sawuna ya kumbura amma ina iya takawa.

Amsa: Madalla, haka ake tambaya. Ka huta, ka ɗaga ƙafar sama, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora na minti 15 zuwa 20 sau da yawa a rana. Idan ka kasa yin taku 4, ko ƙashin kansa yana ciwo idan an danna, ko kwana 5 sun wuce babu sauƙi, ka je a ɗauki hoto.