Tambayi Likita: Yadda za a gaya wa yaro za a hutar da tsohon karen gida

Tambaya: Likita, karenmu na gadi ya shekara 13, ƙodarsa ta lalace, ba ya ci, ba ya iya tashi. Likitan dabbobi ya ce a yi masa allurar da za ta kawo ƙarshen wahalarsa. Me zan ce wa ɗana mai shekara 6? (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Hajiya, ki gaya masa gaskiya tun kafin ranar, domin ya samu yin sallama. Ki zaunar da shi ki ce: "Ka ga Duna ya tsufa, jikinsa na ciwo sosai. An yi magani, ba ya warkewa. Likitan dabbobi zai ba shi wani magani na musamman, ba zai ji zafi ba, sai ya mutu. Ba zai dawo ba. Tausayinsa muke ji, kuma ba laifinka ba ne."

Kada ki ce barci zai yi. Yaro mai wannan shekaru yana ɗaukar magana yadda ta fito, sai ki ga yana tsoron kwanciya, ko kullum yana jiran karen ya farka. Haka batun allura: ki nuna masa wannan daban take da ta riga-kafi ko ta zazzaɓi, ta dabbar da ciwonta ya ƙi magani ce. In ba haka ba, ranar da kuka je asibiti za ki sha daru. Shi kuwa "ya ɓata" ko "an kai shi ƙauye", ba na so ko kaɗan, don yaro zai yi ta leƙen ƙofa.

Tambaya: 'Yata mai shekara 10 ta dage sai ta tsaya a wurin da za a yi wa karenmu allurar. In bar ta? (Wani uba, Maraɗi)

Amsa: Malam, tunda ita ta nema, ba laifi, amma ka faɗa mata abin da za ta gani. Yawanci ana fara ba karen maganin kwantar da jiki, sannan a sa masa fentobabital, wato maganin da zai kawo ƙarshen rayuwarsa, ta jijiya. Cikin daƙiƙu hankalinsa zai gushe, zuciya ta tsaya bayan minti ɗaya ko biyu. Idanunsa kan zauna a buɗe, yana iya sakin fitsari ko ya ja dogon numfashi, alhali ba ya jin komai. In ta fasa a bakin ƙofa, kada a matsa mata.

Tambaya: Yarana suna so su binne shi da kansu. Da matsala? (Wata uwa, Jos)

Amsa: Su taya, amma babba ya ɗauki gawar, kowa ya wanke hannu da sabulu. A haƙa rami mai zurfin mita 1 ko fiye, nesa da rijiya, domin maganin yana nan a jikinsa, kuma yana iya kashe angulu ko wani karen da ya tono shi ya ci.