Oganka ya yafe maka notis da baki? Kada ka miƙa takardar tukuna

Assalamu alaikum Malam. Ni injiniya ne a wani kamfanin sadarwa a nan Kano, shekarata 6 ina kula da ƙarafan sabis, albashina dubu 700. Na samu gurbin digiri na biyu kan sadarwar da ba ta waya a Malesiya, kuma nan da mako 3 nake son tafiya. Takardar ɗaukata aiki ta ce notis wata 3 ne, bara kuma an tura ni kwas na sa hannu zan zauna shekara 2. Amma ogana, wanda ɗan unguwarmu ne kuma tamkar yayana, ya ce in rubuta takardar ajiye aiki kawai, shi zai gyara sauran. Akwai ragowar bashin dubu 900 a kaina na ƙungiyar ma'aikata, na kuma tara miliyan 6. Yaya zan tsara takardar ta yi daɗin karantawa? In na dawo, aikin 5G na dala nake hari.
Injiniya, daga Hotoro

Wa alaikumus salam, Injiniya. Daɗin karantawa ba shi ne damuwarka ba. Ka sa hannu a takardu biyu, sannan kana shirin warware su da maganar da aka yi maka a tsaye, wataƙila a bakin masallaci bayan la'asar. Nan ne kuɗinka zai zube.

Ban ce oganka maƙaryaci ba ne. Mai yiwuwa har zuciyarsa yake nufin alheri. Sai dai ka tambayi kanka: shi ne yake lissafin haƙƙin wanda ya bar aiki? Ba shi ba ne. Manajan yanki yana iya ba ka hutun kwana biyu, yana iya sauya maka wurin aiki, amma ranar da takardarka ta isa sashen kula da ma'aikata, wadda za ta buɗe fayil ɗinka wata ce a hedikwata da ba ta taɓa ganin fuskarka ba, ba ta san Hotoro ba, ba ta san ku 'yan unguwa ɗaya ba ne. Abin da ke gabanta takarda ce mai cewa wata 3, da wata takardar mai cewa shekara 2. Da su za ta yi lissafi, kuma ba ta yi laifi ba.

Bari mu yi lissafin tun kafin ta yi maka. Wata 3 mako 13 ne. Ka ba su mako 3, saura 10. Idan yarjejeniyarka ta ce wanda bai cika notis ba zai biya albashin kwanakin da suka rage, to mako 10 a kan dubu 700 a wata ya kai kusan miliyan 1.6. Je ka duba kalmar da aka yi amfani da ita a wannan sakin layin, domin wasu kamfanonin da tsurar albashi suke lissafi, wasu kuma har da alawus, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ba kaɗan ba ce. Sai kwas. Ba ka faɗi nawa aka kashe ba, mu ɗauka miliyan 2.4 ne, kuma ka yi wata 10 cikin 24. In an yi maka sauƙi aka raba bisa watannin da suka rage, miliyan 1.4 ke kanka. In kuwa takardar ta ce duka za a mayar, duka ɗin za ka mayar. Ƙara bashin ƙungiya, wanda ake cira kaɗan-kaɗan daga albashi, amma ranar da albashi ya tsaya gaba ɗaya ake nemansa, in ba ka biya ba a tare abokan aikinka da suka tsaya maka. Jimilla ta doshi miliyan 3.9. Miliyan shidan da kake taƙama da ita ta koma biyu da 'yan kai, kuma ko tikitin jirgi ba ka saya ba.

Wani zai ce maka ai dokar ƙwadago wata ɗaya ta ce ga wanda ya shekara 5 ko fiye. Haka ne, yana nan a sashe na 11. Amma wannan mafi ƙaranci ne, kuma ma'anar da dokar ta ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru irinka. Injiniya da takardar da ya sa wa hannu ake kama shi. In rigima ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wannan takardar za a fara buɗewa.

Na taɓa zama da wani yaro mai irin aikinka, shi ma ogansa ne ya ce masa ya tafi abinsa. Ya miƙa takarda ranar Alhamis, aka yi masa 'yar walima, ya tafi. Bai cika wata biyu ba aka mayar da ogan Legas, aka kawo wani. Wasiƙar da ta biyo shi ta ce ya bar aiki ba tare da cika ƙa'ida ba, an riƙe albashinsa na ƙarshe da kuɗin hutunsa, kuma har yanzu ana bin sa. Ya kira tsohon ogan, shi kuma ya ce wallahi ya yi magana da su. Ƙila ma ya yi ɗin. Amma babu layi ɗaya a rubuce. Mahaifinsa ne ya sayar da fili a Gunduwawa aka rufe maganar, yaron kuma bai samu takardar shaidar aiki ba sai bayan ya biya. Abin da ya ba ni haushi shi ne, mahaifin nan ɗan Kantin Kwari ne, mutumin da ba ya ba da dila ɗaya bashi sai ya rubuta a littafi.

Saboda haka ga yadda za ka bi. Kafin takardar ajiye aiki, akwai takardar roƙo. Ka koma wurin oganka cikin ladabi ka ce, "Yaya, na gode da abin da ka ce, ina so ka taimaka mini a sa shi a rubuce." Ka tura imel zuwa sashen ma'aikata, ka sa shi a kwafi, ka nemi abu uku: a rage maka notis, a lissafa kwanakin hutunka da ba ka ci ba a cikin notis ɗin, a kuma faɗa maka adadin da ake bin ka na kwas in ka tafi a rana kaza. In da gaske yana da ikon da ya ce, amsa za ta zo cikin 'yan kwanaki, ka ga ka huta. In ya fara cewa ba sai an kai ga rubutu ba, ai mu 'yan gida ne, to ka samu amsarka tun kuɗinka na aljihunka.

A cikin wannan imel ɗin ka tambaya ko suna ba da hutun karatu ba albashi. Ba kowane kamfani ke yi ba, amma tambaya ba ta cin ko sisi. In kuma suka ƙi rage komai, rubuta wa jami'ar ka nemi a ɗaga maka zuwa zango na gaba. Jami'o'in Malesiya da yawa suna ɗaukar ɗaliban digiri na biyu sau biyu a shekara. Jinkirin wata 5 ko 6 zai share maka miliyan 1.6 ɗin nan gaba ɗaya, ya rage kuɗin kwas, ya cinye wani ɓangare na bashin ƙungiya, kana kuma karɓar albashi. Ban ga kuma ka ambaci biza ba. In takardar amincewar shiga ƙasar ba ta zo hannunka ba, ba ka da ranar tafiya, fata kawai kake da shi.

Ita takardar kanta, da Turanci za ka rubuta, kuma kada ta wuce rabin shafi. Abin da za ta ce ke nan: "Ina sanar da ku cewa zan ajiye aikina na injiniya domin tafiya karatun digiri na biyu. Bisa sakin layi kaza na takardar ɗaukata aiki, da kuma amincewarku ta ranar kaza, ranar aikina ta ƙarshe ita ce kaza. Zan miƙa ayyuka da kayan kamfani ga wanda kuka zaɓa. Ina roƙon a ba ni takardar karɓar murabus da lissafin haƙƙoƙina a rubuce. Na gode da shekaru 6 da na yi tare da ku." Shi ke nan. Kada ka sa labarin daren da ka kwana a gindin ƙarfe a hanyar Bichi saboda janareta ya mutu, kada ka sa ƙorafin ƙarin girman da aka hana ka. Ka kai kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata, domin daga ranar da aka karɓa notis yake fara ƙirguwa.

Takardar karɓar murabus ɗin nan da na ce ka roƙa, kada ka bar Kano ba ita. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 cikin 100 na asusunsa in ya yi wata 4 ba aiki, kuma kamfanin fanshonka zai nemi shaidar rabuwarka da wurin aiki kafin ya saurare ka. Ban ce ka taɓa kuɗin ba, gara ma ka bar su, amma ɗalibi a ƙasar waje bai san ranar da zai buƙace su ba. Ka karɓi bayanin asusun tun yanzu, ka tabbatar kashi 8 naka da kashi 10 na kamfani sun shiga kowane wata. Bin wata uku da suka ɓace daga Kuala Lumpur ta waya wahala ce.

Haka kayan aiki. Kwamfuta, wayoyin gwajin sabis, makullan shingen ƙarafa, katin mai, katin shaida, kowanne wanda ya karɓa ya sa hannu. Kuma na san halinku injiniyoyi: za ka so ka kwafi bayanan gwajin sabis na Kano a filashi, ka ce za su yi amfani a binciken digiri. Kada ka kuskura. Dukiyar kamfani ce, kuma in akwai bayanan masu layi a ciki, ka shiga hurumin dokar kare bayanai ta 2023. In kana so, ka nema a rubuce.

Batun dala kuwa, ka sassauta. Tun Disambar 2021 aka yi gwanjon zangon 5G na farko a Najeriya, MTN da Mafab suka ci, Airtel ya biyo baya, amma masu ɗaukar injiniyan rediyo a ƙasar nan ba su da yawa: manyan kamfanonin layi huɗu, masu ƙarafa irin IHS, da masu kawo na'urori irin Huawei da Ericsson. Mutanen cikinsu daga nan suke tashi su koma can, duk sun san juna. Wanda zai duba takardunka bayan shekara 2, da wuya a ce bai san wani a inda ka baro ba, kuma waya ɗaya zai buga. Kuɗin makarantarka ma ba da naira za ka biya ba. Wanda ya yi lissafinsa a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,400. Ka sake lissafin guzurinka da abin da zai rage bayan an cire miliyan 3.9, ka ga ko zai kai ka ƙarshen zangon farko.

Daren yau ka ciro takardun nan biyu, ka ja layi a ƙarƙashin sakin notis da na mayar da kuɗin kwas. Gobe ka tura imel ɗin. In amsarsu ta zo, turo mini adadin da suka rubuta, sai mu sa ranar da za ta shiga takardar.